Wuƙa ɗaya, ƙafa biyu: abin da ke salwanta idan aka yanke rabin laka

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗalibin aikin jinya ne a nan Sakkwato. An kwantar da wani matashi a ɗakin da nake koyon aiki, wanda aka soka wa wuƙa a baya, ɓangaren dama, dab da ƙarshen allon kafaɗa. Ƙafarsa ta dama ba ta motsi, amma ya ce yana jin tsinin allura a cikinta sarai. Ta hagu kuwa tana motsi lafiya lau, sai dai ko an soke ta ba ya jin zafi. Ta yaya rauni ɗaya zai taɓa ƙafa biyu, kowace da irin tata matsalar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ka gani ba ruɗani ba ne, kuma majinyacin ba ƙarya yake yi ba, domin babu mai iya ƙirƙiro wannan tsari da ka sai wanda ya san taswirar laka ciki da bai. Likitoci suna kiran wannan yanayi da sunan Brown-Séquard, masanin aikin jijiyoyi da aka haifa a tsibirin Morishus a 1817, wanda ya bayyana shi a wajajen 1850 bayan gwaje-gwajen da ya yi na yanke rabin lakar dabbobi. Bayanin gaba ɗaya ya rataya a kan abu guda, wato wurin da kowace hanyar saƙo take tsallakawa daga wannan ɓangare na jiki zuwa wancan.

Laka igiya ce mai taushi da ke kwance cikin ramin ƙashin baya. Tsawonta a jikin baligi kimanin santimita 45 ne, kaurinta kuwa bai wuce na ƙaramin yatsa ba, kuma tana ƙarewa a wajen ƙashi na farko ko na biyu na ƙugu. Jijiyoyi 31 suna fita daga kowane gefenta, shi ya sa ake raba ta zuwa matakai 31: 8 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a ƙugu, 5 a ƙashin mazauni, 1 a ƙarshe. A cikin takardun majinyaci za ka ga an rubuta C ga matakan wuya, T ga na ƙirji, L ga na ƙugu. Kowane mataki yana da zoben fata da yake kula da shi, kuma uku daga ciki sun isa ka yi aiki da su a bakin gado: T4 yana daidai kan nono, T10 yana daidai cibiya, T12 kuma yana ƙasan mara, dab da inda cinya ta haɗu da ciki. A gefen laka, zagaye da tsakiyarta, zaruruwan jijiyoyi suna tafiya cikin dami-dami, wasu suna hawa da labarin jiki zuwa ƙwaƙwalwa, wasu suna sauka da umurni zuwa tsoka. Littattafai suna lissafa fiye da goma, amma a gaban majinyaci uku ne ke magana, kuma a ganina ɗalibin da ya riƙe ukun nan da kyau ya fi wanda ya haddace sunayen duka bai san inda suke tsallakawa ba.

Ta farko ita ce hanyar umurni, wadda littafi ke kira kotikosifainal. Tana tasowa daga ɓawon ƙwaƙwalwa, ta sauko har gindin ƙwaƙwalwa, wurin da ake kira medula, a nan ne kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na zaruruwanta ke tsallakawa zuwa ɗaya ɓangaren, sannan su shiga laka su sauka ta gefenta. Ma'anar wannan ita ce, kafin umurnin ya shigo laka ya riga ya gama tsallakawarsa. Umurnin da ƙwaƙwalwar hagu ta aika wa ƙafar dama yana tafiya ne a rabin laka na dama tun daga wuya har ƙugu. Saboda haka wuƙar da ta yanke rabin dama ta datse umurnin ƙafar dama, shi ya sa ƙafar da ta shanye take gefe ɗaya da raunin.

Sauran biyun masu hawa ne, kuma a tsakaninsu ne amsar tambayarka take. Jin jiki ba abu ɗaya ba ne. Akwai jin da ke gaya maka inda gaɓoɓinka suke ko idonka yana rufe, da jin karkarwa, da taɓawa mai kaifi da ke bambanta tsini biyu da ke kusa da juna. Wannan rukuni yana bin hanyar baya, wadda ke kwance a bayan laka. Zaren da ya ɗauko labari daga yatsan ƙafar dama yana shiga laka ta dama, ya miƙe sama a rabin dama ba tare da ya tsaya ko ya ratsa ba, har sai ya isa medula. A can ne yake miƙa saƙon ga zare na biyu, shi kuma ya tsallaka ya nufi talamos, tashar da ke rarraba saƙonnin ji zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa. Rukuni na biyu shi ne jin ciwo da jin zafi da sanyi, kuma yana bin hanyar da ake kira sifainotalamik, wadda zan riƙa kira hanyar zafi. Zaren da ya ɗauko zafin allura daga ƙafar hagu yana shiga laka ta hagu, ya hau mataki ɗaya ko biyu kacal, ya miƙa saƙon ga zare na biyu, nan take wannan ya ratsa ta gaban tsakiyar laka ya koma rabin dama, sannan ya yi doguwar tafiyarsa zuwa talamos ta gefen gaba na rabin dama.

Ka ɗauka matafiya biyu ne suka taso daga ƙauye ɗaya a bakin gulbin Rima, dukansu suna son shiga garin da ke ƙetare. Ɗaya ya shiga kwalekwale a mashigi na farko ya ƙetare, ya yi sauran tafiyarsa ta wancan gefe. Ɗayan ya bi nasa gefen har sai da ya kai gada a bakin gari. Idan aka tare hanya a gefe ɗaya na gulbin a tsakiyar tafiya, mutum biyu daban za a tsare: ɗan wannan gefe da bai ƙetare ba tukuna, da ɗan wancan gefe da ya riga ya ƙetaro. Haka rabin laka na dama yake a kowane mataki. Yana ɗauke da umurnin ƙafar dama, da jin matsayi da karkarwa na ƙafar dama, amma jin zafin da ke cikinsa na ƙafar hagu ne. Jin zafin ƙafar dama kuwa ya riga ya koma rabin hagu tun a ƙugu, can ƙasa da raunin, don haka ya wuce lafiya, kuma shi ya sa majinyacinka yake jin allura a ƙafar da ba ya iya ɗagawa.

Yanzu mu bi majinyacin naka daki-daki. Ƙarshen allon kafaɗa yana daidai ƙashin baya na bakwai na ƙirji. Amma laka ta fi ramin da take ciki gajarta, don haka matakan laka suna zaune sama da ƙasusuwan da suke da suna ɗaya da su, kuma a wannan wuri bambancin ya kai mataki biyu zuwa uku. Wuƙar da ta shiga a ƙashi na bakwai za ta sami laka a wajen T9 ko T10. Mu ɗauka T10 ne, mu ga abin da ya kamata hannunka ya tarar.

Ka fara da ƙafar dama. Ƙarfinta zai faɗi, wataƙila 0 ko 1 a ma'aunin nan na 0 zuwa 5, inda 3 ke nufin ɗaga ƙafa daga gado, 5 kuma cikakken ƙarfi. Ka ce ya rufe ido, ka kama babban yatsan ƙafarsa ta gefe da gefe, ka ɗan ɗaga shi ko ka sunkuyar, ka tambaye shi sama ko ƙasa. Kada ka kama yatsan ta sama da ƙasa, domin matsin hannunka kaɗai zai ba shi amsa, wannan kuwa kuskure ne da ɗalibai ke yawan yi har su rubuta cewa jin matsayi lafiya yake alhali ya tafi. A dama zai riƙa canki-canka ne kawai, a hagu kuwa ba zai kuskure ba. Sannan ka ɗauki ƙarfen nan mai baki biyu da ke karkarwa sau 128 a daƙiƙa, ka buga shi, ka ɗora gindinsa a kan idon sawu. A hagu zai ce yana jin rawar ƙarfen. A dama zai ce yana jin sanyin ƙarfen amma ba ya jin rawarsa, kuma wannan amsa ɗaya ta nuna maka hanyoyin biyu a rarrabe, domin sanyin ya bi rabin hagu ya isa, karkarwar kuwa ta bi rabin dama ta tarar da hanya a yanke.

Ka koma ƙafar hagu da sabuwar allura. Ka fara daga tafin ƙafa kana hawa sannu a hankali, kana tambayarsa ko kaifi yake ji ko kuwa taɓawa kawai. Daga inda ba ya ji ake farawa a nufi inda yake ji, saboda shigowar zafi ta fi gushewarsa sauƙin ganewa ga majinyaci. Zai ce maka yana jin ana taɓa shi amma babu kaifi, har ka wuce gwiwa, ka wuce cinya, sai a ƙasan mara ya zabura. Ka yi alama da biro a fatar. Abin lura shi ne alamar ba ta kai cibiya ba, ta tsaya a wajen T12, ko da yake raunin yana T10. Dalili shi ne hawan nan na mataki ɗaya ko biyu kafin tsallakawa: zaruruwan zafi da suka shigo ta hagu a T11 ba su ratsa zuwa dama ba sai sama da raunin, don haka sun tsira. Duk lokacin da ka sami iyakar rashin jin zafi, ka ƙara mataki ɗaya ko biyu sama kafin ka faɗi inda raunin yake. Wannan lissafi yana da amfani na zahiri, domin idan aka ɗauki hoton ƙugu saboda ƙafa ce ke da matsala, alhali raunin yana tsakiyar ƙirji, hoton zai fito tas, a ɓata kuɗi da lokaci.

Akwai kuma wani siririn zobe da ba a cika lura da shi ba. Daidai matakin da aka yanke, a ɓangaren dama, wuƙar ta lalata ƙofar da jijiyar T10 ke shiga da kuma ƙwayoyin da ke aika umurni kai tsaye zuwa tsokar wannan mataki. Saboda haka za ka tarar da ɗan yanki a dama, daga baya zuwa cibiya, inda babu ji kowane iri, sau da yawa kuma da raɗaɗi a bakinsa na sama. A ƙirji da ciki, shanyewar tsokar mataki guda ba ta bayyana sosai. Da a ce raunin yana C8 ne, a ƙasan wuya, da ka ga ƙananan tsokokin tafin hannun dama sun yi laushi sun rame cikin makonni, alhali ƙafar da ke ƙasa ta yi tauri. Rauni a wuya yana iya ƙara abu biyu: fatar idon gefen raunin ta ɗan sauko tare da ƙanƙancewar baƙin idon, idan kuma ya kai C3 zuwa C5, rabin tantanin numfashi ya tsaya.

Idan ka shafa masa auduga, zai ji a ƙafafun biyu, ko da jin ya ɗan ragu a dama. Taɓawa mai sauƙi tana da hanya biyu, wani ɓangare yana bin hanyar baya, wani yana bin hanyar da ta tsallaka, don haka yanke rabi ɗaya ba ya kashe ta. Wanda ya gwada ji da tafin hannu kaɗai, ya tambayi majinyaci ko yana ji, ya ce e, zai rubuta cewa ji lafiya lau, ya wuce cutar gaba ɗaya. Fitsari da bayan gida ma suna samun umurni daga ɓangarorin biyu, shi ya sa galibi suke dawowa, ko da an buƙaci robar fitsari a kwanakin farko.

Game da zaburar gwiwa, lokaci yana da muhimmanci. A kwanakin farko za ka buga gudumar roba a ƙasan ƙoƙon gwiwar dama ka ga shiru, ƙafar tana laɓe-laɓe, saboda lakar da ke ƙasa da raunin ta suma na ɗan lokaci. Bayan kwanaki ko makonni sai al'amarin ya juye: ƙafar ta yi tauri, gwiwa ta riƙa zabura fiye da kima, idan ka tura tafin ƙafa sama da sauri ya riƙa kaɗawa shi kaɗai, idan kuma ka ja wani abu mara kaifi a gefen tafin, babban yatsa ya miƙe sama maimakon ya lanƙwashe, wato alamar Babinski. Hakan yana faruwa ne domin ƙwayoyin laka na ƙugu suna raye, kuma da'irar zabura tana nan, linzamin da ke saukowa daga sama ne kawai ya tsinke. 'Yan'uwan majinyaci sukan ga ƙafar ta fara fizga su yi murna cewa motsi ya dawo, ko su tsorata cewa ciwon ya ƙaru. Duka biyun ba haka ba ne, kuma aikinka ne ka bayyana musu cewa motsin da ake ƙirgawa shi ne wanda majinyacin ya yi da nufinsa.

Tsarin nan ne ke raba wannan rauni da shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke jawowa. A ƙwaƙwalwa, hanyoyin uku duk na ɓarin jikin da ke ƙetare ne, domin duk wuraren tsallakawar suna ƙasa, don haka rauni a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa yana kwashe ƙarfi da ji a ɓarin dama gaba ɗaya, sau da yawa har da karkacewar baki ko sarƙewar magana. Rashin ƙarfi a gefe ɗaya, rashin jin zafi a ɗaya gefen, fuska lafiya, ga kuma iyaka a gangar jiki da za ka iya zanawa da biro, wannan laka ce har sai an tabbatar da akasin haka. Kuma ba sai da wuƙa ba. Harsashi, karayar ƙashin baya a haɗarin mota, ƙari da ke danne laka daga gefe, faifan guringuntsin wuya da ya zame, da tarin fuka na ƙashin baya duk suna iya kawo shi. Waɗanda ke zuwa a hankali su ne masu haɗarin ɓacewa: mutum ya yi watanni yana jan ƙafa ɗaya, ɗayar kuma ba ta jin zafin ruwan wanka, ana ta ba shi maganin sanyi.

Wuƙa ta fi komai kawo shi a siffarsa ta littafi, saboda ƙasusuwan da suka tsiro a tsakiyar baya suna kautar da tsininta zuwa kwarin da ke gefensu, sai ta shiga ramin laka ta gefe ɗaya. Duk da haka, yanka da ya tsaya cak a tsakiyar laka abu ne mai wuyar samu. Mafi yawan waɗanda muke gani ko dai yankan bai cika rabi ba, jin matsayi ya tsira saboda hanyar baya ba ta taɓu ba, ko kuma kumburi ya ratsa zuwa ɗaya rabin, ƙafar da ake ganin lafiyayya ita ma ta ɗan raunana. Kada ka jira kowace alama ta cika kafin ka sanar da likita. Rashin daidaito tsakanin gefen rashin ƙarfi da gefen rashin jin zafi ya wadatar.

A kula da shi, abubuwan farko sanannu ne. Idan wuƙar tana jiki ba a zare ta sai a ɗakin tiyata. Ana duba ƙirji, domin wuƙar da ta shiga a wannan wuri tana iya huda huhu, wannan kuwa ya fi raunin laka saurin kisa. Ana ɗaukar hoto don neman guntun ƙarfe kafin a shigar da shi na'urar MRI, saboda maganaɗisunta yana iya motsa guntun. Ana yin allurar rigakafin tetanos, ana kuma lura da bakin raunin, domin ruwa garai-garai da ke tsattsafowa daga ciki ruwan laka ne, kuma ƙofa ce ga sanƙarau. Ana juya shi duk bayan awa biyu don gudun gyambon kwanciya, a fara motsa gaɓoɓin ƙafar dama tun da wuri kafin su ƙage.

Ƙafar da ta fi ba ni tsoro bayan sallama ita ce ta hagu, wadda kowa ke kira mai lafiya. Hankalin gida duka yana kan wadda ta shanye, ita kuwa wannan tana tafiya ba mai gadi. A garin nan, inda zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, mutum zai taka simintin tsakar gida da rana ba takalmi, fatar tafinsa ta sale bai sani ba. Zai hau babur salansa ta ƙone masa ƙwauri, sai ƙaurin fata ko bororo ya sanar da shi. Lokacin hunturu kuma ga kaskon wuta da ruwan ɗumi na alwala. Ka koya masa ya riƙa gwada zafin ruwa da hannu, ya sa takalmi rufaffe, ya zazzage shi kafin sawa, ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare. Ka kuma gargaɗi 'yan'uwansa kada a yi wa ƙafar gashi da ruwan zafi ko tsumma mai zafi da sunan farfaɗo da jijiya. Ita ƙafar dama matsalarta daban ce: ko ƙarfi ya dawo, ba ta gaya masa inda take, don haka da ido yake tafiya, kuma faɗuwarsa takan zo ne cikin duhu, a hanyar masallaci da asuba ko idan an ɗauke wuta.

A cikin raunukan laka da ba su yanke ta gaba ɗaya ba, wannan ne ya fi kyakkyawan ƙarshe, kuma mafi yawan masu shi suna komawa tafiya da ƙafafunsu, wasu da sanda. Zaren da aka yanke ba ya sake haɗuwa, amma kumburi yana saɓewa, zaruruwan da suka suma kawai suna farfaɗowa, sannan rabin da ya tsira yana ɗauke da 'yan zaruruwan umurni da ba su tsallaka a medula ba, tare da wasu hanyoyi daga gindin ƙwaƙwalwa da ke yi wa ɓangarorin biyu hidima, kuma waɗannan ne atisaye ke ƙarfafawa. Ƙarfi yakan fara dawowa a ƙugu da gwiwa kafin idon sawu da yatsu, mafi yawan ci gaban yana zuwa cikin wata shida na farko, sauran kuma a hankali har zuwa shekara biyu. Jin zafi a ƙafar hagu shi ya fi jinkiri, wani lokaci ba ya dawowa cikakke, wasu kuma sukan fara jin ƙuna ko tsatstsafa a fatar da ba ta jin allura. Wannan raɗaɗi daga lakar kanta yake fitowa, farasitamol ba ya yi masa komai, kuma yana da nasa magunguna da likita zai rubuta idan majinyacin ya faɗa, don haka ka tambaye shi da bakinka duk ranar da ya dawo ganin likita.